Riɗin bai yi ba, me zan faɗa wa masu kuɗin?

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a wani ƙauyen Hausawa da ke yankin Gadarif a ƙasar Sudan. A daminar da ta wuce kawuna da ke Jidda ya haɗa 'yan'uwa goma sha huɗu, mazauna Jidda da Makka, suka tara riyal 60,000 aka damƙa mini in noma riɗi faddan 100, wato wajen eka 100, ribar a yi wa Islamiyyar garinmu rufi. Na ce musu za a sami kintar 300, kowane kintar wajen kilo 45. Abin da aka samu 90 ne, na sayar a kan kimanin riyal 17,000. Faddan 20 na kan tudu da aka shuka farkon Yuli sun ba da kintar 50. Faddan 50 kuwa mai tarakta ya yi mini lattin mako uku, ga shi yayan matata ne, na ba shi kuɗi tun kafin aiki ba tare da rubutu ba. Da lokacin yanka ya zo babu kuɗin 'yan ƙwadago, don na kashe su wajen cire ciyawa, sai da kwanso ya fara fashewa. Waɗannan sun ba da 40. Sauran 30 na kwari ruwa ya kwanta a kansu, ko tsinke ba mu ɗauka ba. Kuɗin kuma na canza su zuwa fam ɗin Sudan gaba ɗaya ranar da suka zo, wasu rasit ɗin ma babu. Yanzu an sa zama ta waya nan da mako biyu. Abokin aikina ya ce mu ce ruwa ne da yaƙi, ai kowa ya san halin da ƙasa ke ciki. Wallahi ban ci ko sisi ba, amma kunyar Kawu ta hana ni barci. Yaya zan yi musu bayani?

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya mayar da alheri, ya sa iyakar asarar ke nan. Na yarda ba ka ci kuɗin ba, domin wanda ya ci ba ya rubuto wasiƙa yana lissafa kurakuransa ɗaya bayan ɗaya. Amma yardata ba ta da amfani a gare ka. Yardar mutum goma sha huɗun nan kake nema, kuma mako biyu sun ishe ka ka shirya abin da zai samo maka ita, in ka fara yau.

Bari in fara da shawarar abokin aikinka, tunda ita ce ke kai-komo a ranka. Ba mugun mutum ba ne, tsoro yake ji kamar yadda kake ji, kuma akwai gaskiya a maganarsa. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 man tarakta ya yi tsada, darajar fam ta yi ta zubewa, Gadarif ta cika da mutanen da suka gudo daga Khartum da Madani da Sinnar, komai ya ƙara kuɗi. Duk wannan yana da wuri a bayaninka. Matsalar ita ce amsar "ruwa ne da yaƙi" ba za ta kwana biyu a tsaye ba. Kowane ɗaya daga cikin masu kuɗin nan yana da uwa ko ƙane ko aboki a garinku, kuma waya suke yi da su kullum. Wani zai tambayi ƙanensa nawa maƙwabcin gonarku ya samu. Wani zai ji cewa an ga taraktar surukinka tana aiki a gonar wani a makon da kake jiran ta. Sannan ga faddan 20 ɗinka na kan tudu, ruwan da ya sauka a kansu shi ya sauka a kan sauran, yaƙin ma ɗaya ne, amma sun yi kyau. Ranar da suka haɗa waɗannan da kansu, maganar ta tashi daga "yaron nan ya yi asara" ta koma "yaron nan ya ɓoye mana wani abu", daga nan kuma taku ɗaya ne zuwa zargin da kake gudu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Abin da zai fitar da kai shi ne ka ɗora wa kowane dalili nasa kason da alƙalumma, har wanda bai yarda da kai ba ya iya ɗaukar biro ya bi lissafin da kansa. Zo mu yi shi tare, don a nan aikin yake.

Tsakanin alkawari da abin da ya shiga buhu akwai giɓin kintar 210. Ma'aunin da za ka yi amfani da shi wajen raba giɓin nan yana hannunka: gonar tudu, wadda aka shuka a kan kari kuma ruwa bai kwanta mata ba, ta ba da kintar biyu da rabi a kowane faddan. Wannan shi ne abin da ƙasarku ta nuna za ta iya a wannan daminar idan komai ya tafi daidai. Kai kuwa ka yi alkawari a kan kintar uku. Ke nan ko da ba a sami matsala ko ɗaya ba, faddan 100 za su ba da 250, kuma kintar 50 daga cikin giɓin tun a bakinka suka ɓata, ranar da ka faɗi 300. Ka tambayi kanka daga ina ka samo wannan adadi. In daga shekarar da ta fi kowace kyau ka ɗauko shi, ko daga bakin wani manomi mai yabon gonarsa, ka faɗi haka.

Kwarin da ruwa ya ci, faddan 30 sau biyu da rabi, kintar 75 ke nan. Wannan shi ne kason ruwa, wajen kashi ɗaya cikin uku na giɓin, da ɗan ɗori. Ko a nan ma kada ka tsaya a kan ruwa kawai. Kowane manomin Gadarif ya san baƙar lakar nan tana riƙe ruwa, ya kuma san riɗi ba ya jure tsayuwar ruwa a gindinsa, kwana kaɗan sai ya yi rawaya ya kwanta. Dattawan da ke cikin masu kuɗin sun yi noma kafin su tafi Saudiyya, za su tambaye ka wa ya ce a sa riɗi a kwari maimakon dawa. Ka riga su. Ka faɗi ko ka taka filin a lokacin damina kafin ka karɓe shi, ko da rani ka gan shi a bushe ya ba ka sha'awa, ko kuwa arahar haya ce ta ja ka.

Sai faddan 50 da aka makara. Da sun yi kamar na tudu da sun ba da 125, sai suka ba da 40, wato an rasa 85. Haɗa 50 da 75 da 85, ka ga 210 cif. Duba da kyau, kaso mafi girma shi ne wannan na ƙarshe, kuma shi ne wanda hannun mutum ya fi yawa a ciki. Ban faɗi haka don in ƙara maka nauyi ba. Dalilina shi ne, ga mai ba da kuɗi, asarar da ta zo daga tsari ta fi sauƙin ji a kan wadda ta zo daga sama, domin ita ana iya gyara ta.

A cikin 85 ɗin nan abu biyu ne suka cakuɗe, lattin shuka da lattin yanka. Riɗin da aka shuka a makare ciyawa kan riga shi tashi, damina kuma ta ɗauke kafin ƙwayarsa ta cika. Wanda aka makara yankansa kuwa ƙwayar ta cika, amma kwanson ya buɗe ta zube a ƙasa. Ba ka da hanyar raba su daidai, to kada ka ƙirƙiro adadi. Rubuta cewa ba ka san nawa ne na wannan nawa ne na wancan ba. Abin da za ka iya shi ne ka nemi manomi biyu ko uku a kusa da ku da suka shuka a makon da ka shuka amma suka yanka a kan lokaci, ka ji nawa faddan ya ba su. In sun sami ɗaya da rabi, to mafi yawan asarar daga shuka take, ragowar daga yanka. Ka sa wannan a matsayin kimantawa, ka kuma faɗi wajen waɗanda ka ji.

Yanzu ga wani abin da ban ga alamar ka lura da shi ba, kuma na fi son ka ji shi daga gare ni kafin wani ɗan kasuwa a Jidda ya ciro shi a gaban jama'a. Raba riyal 17,000 gida 90, kowane kintar ya tashi kusan riyal 190. A wannan farashin, da ka sami kintar 300 ɗin da ka yi alkawari, abin da zai shigo riyal 57,000 ne. Bai kai abin da aka zuba ba, balle a yi maganar rufin makaranta. Wannan yana nufin ɗayan uku, ko dukkansu: farashin da ka gina lissafinka a kai ya fi wanda kasuwa ta ba ka, ko ka sayar da wuri lokacin da riɗi ya cika kasuwa, ko kuma kuɗin noman ya haura abin da ka tsara sosai. Nemo takardar farko da ka aika wa Kawu, ko saƙon murya in shi ne, ka ga farashin da ka faɗa da kuɗin faddan da ka ƙiyasta, ka jera su kusa da na gaske. Ina ganin wannan shi ne abu mafi amfani da za ka ba mutanen nan, domin shi zai hana su sake tara kuɗi baɗi a kan lissafin da ko an yi sa'a ba zai fita ba.

Maganar canji tana shiga nan. Riyal a ɗaure yake da dala, riyal uku da kashi saba'in da biyar a dala ɗaya, shekara da shekaru bai motsa ba. Fam kuwa a 'yan shekarun nan yana iya kwana da daraja ɗaya ya tashi da wata. Kuɗin da ka canza kafin damina ka ajiye don aikin Oktoba sun yi ta narkewa a aljihunka ba tare da kowa ya taɓa su ba. Wannan asara ce ta gaske, kuma ana iya auna ta. Rubuta farashin canji na ranar da ka canza, da na ranakun da ka biya manyan kuɗi, wato haya da tarakta da cire ciyawa da yanka. Daga nan za a ga nawa za a tsira da shi da an bar kuɗin a riyal a hannun Kawu ana turowa kashi-kashi. Duk wani adadi a bayaninka ka sa shi a fam, ka sa shi a riyal, da ranarsa. Su da riyal suka ba da, da shi suke tunani, in ka jero musu miliyoyin fam kawai kansu zai ɗaure, wanda kansa ya ɗaure kuwa zargi yake fara yi.

Batun rasit kada ya firgita ka. Ba wanda ke tsammanin mai cire ciyawa a bakin gona zai ba da takarda mai hatimi. Raba abin da ka kashe gida uku. Akwai wanda ke da shaida a rubuce, har da hoton tura kuɗi ta manhajar banki ta Bankak, wanda za ka iya komawa cikin wayarka ka tattaro. Akwai wanda ba takarda amma akwai mutumin da aka yi a gabansa, kamar shugaban 'yan ƙwadago ko mai gonar da ka yi haya, sai ka sa sunansa ka nemi izininsa a kira shi. Akwai kuma wanda ba takarda ba shaida, sai tunaninka. Wannan na ukun ka tara shi wuri ɗaya, ka faɗi jimillarsa a fili, ko da ta kai riyal dubu uku ko huɗu. Abin da nake roƙon ka da Allah kada ka yi shi ne ka je a rubuta maka rasit yau a sa masa kwanan watan Yuli. In aka gano guda ɗaya, duk na gaskiyar sun mutu tare da shi. Kuma in bayan ka haɗa komai jimillar ba ta cika 60,000 ba, ka rubuta abin da ya yi saura, ka ce ba ka iya gano inda ya shiga ba.

Kafin kowa ya ga wannan lissafi, Kawu ya kamata ya gan shi, shi kaɗai, aƙalla mako guda kafin zaman. Ka tuna halin da yake ciki. Shi ya bi mutane gida-gida ya ce ɗan ƙanwata ne, na tsaya masa. Cikin waɗanda suka ba shi akwai direba, akwai mai gadi, wataƙila akwai tsohuwar da ta tara nata daga ɗan abin da take sayarwa, duk suna fama da kuɗin haya da na sabunta iƙama. Mutuncinsa na cikin riɗin nan fiye da naka. Mafi munin abin da za ka yi masa shi ne ya ji maganar surukinka ko ta canji karo na farko a gaban waɗanda ya tara. Kira shi lokacin da ka san ya natsu, bayan isha'i misali, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, "Kawu, ina so in karanta maka komai kafin ranar zama, har da inda na yi kuskure, don kada ka ji wani abu a bakin wani." In ya yi faɗa ka yi shiru ka saurara, haƙƙinsa ne. Zai iya cewa a bar wasu abubuwa tsakaninku, shi zai san yadda zai rufe. Ka gode masa, sannan ka nuna masa cikin ladabi cewa abin da garinku ya riga ya sani ba zai rufu a Jidda ba, kuma in ya fito daga baya shi za a ce ya rufa wa ɗan'uwansa. Ka kuma roƙe shi ya zaɓi mutum ɗaya a nan Gadarif wanda masu kuɗin suka yarda da shi, wanda ba abokinka ba, ya je ya ga filayen uku, ya duba takardunka, ya yi magana da shaidu. Ya fi kyau neman binciken ya fito daga bakinka.

Yayan matarka kuwa, je ka same shi tun yanzu. Ka ji nasa dalilin, don mai yiwuwa mai ya rasa, ko tarakta ta lalace, ko kuwa ya karɓi aikin mutane da yawa ya bar naka a ƙarshe saboda ya san ba za ka kai shi ƙara ba. Ka gaya masa za ka ambaci ranar da kuka yi da shi da ranar da ya zo, ba ƙari ba ragi. A cikin bayanin ka rubuta cewa mai taraktar surukinka ne. Kada ka bari su gano da kansu. Amma ka tsaya a kan abin da ya faru, kada ka yanke masa hukunci, kuma ka ɗauki naka: kai ka biya kafin aiki, kai ba ka rubuta ba, kai ba ka tanadi wata tarakta ba da ka ga mako ɗaya ya wuce. In ya yarda ya mayar da wani abu ko ya yi aikin baɗi a madadin lattin, a rubuta a gaban shaidu, ka kai wa masu kuɗin. Matarka ma ka sanar da ita kafin ta ji a waje, kada ta tsinci kanta tsakanin miji da wa ba shiri.

Rubutun kansa kada ya wuce shafi biyu, takardun shaida su biyo baya daban ga mai son dubawa. Yi shi da harshen da suka fi karantawa, da yawa daga cikin mutanenmu na can Larabci ya fi musu sauƙi a ido, sannan ka yi saƙon murya da Hausa na minti biyar ko shida mai ɗauke da abu ɗaya da rubutun. Kada muryar ta yi laushi inda takardar ta yi tauri. Bayan sallama, sakamakon ya zo a layin farko, kamar haka: "Aikin bai cim ma abin da aka yi shi dominsa ba. An zuba riyal 60,000, an dawo da kimanin 17,000, ba a sami abin yi wa makaranta rufi ba. Ga yadda aka yi, ga abin da ya fi ƙarfinmu, ga inda na yi kuskure." Mutane da yawa sukan fara da yawan faddan da aka share da yawan waɗanda suka sami aikin yi, su tura asarar can ƙasa. Mai karatu yana gane wannan dabarar, kuma tana ba shi haushi. Labarin faddan 20 na tudu yana da muhimmanci, amma wurinsa cikin lissafi, a matsayin ma'auni. Bayan sakamako sai jerin ranaku, daga zuwan kuɗi zuwa sayarwa, sai rabon giɓin da muka yi, sai kuɗi, sai darussa. In kana da hotunan kwarin lokacin da ruwa ya kwanta, sa biyu masu kwanan wata, sun isa.

Ka kula da yadda kake gina jimla a wurin kuskure. "An samu jinkiri" da "kuɗin yanka sun ƙare" magana ce da ba ta da mai ita. Ka ce "na kashe kuɗin yanka a cire ciyawa ban sanar da ku ba." Wannan ƙarshen, rashin sanarwar, ina jin shi zai fi yi musu ciwo, domin da ka kira a watan Agusta ka ce ciyawa ta cinye kasafi, mai yiwuwa da sun ƙaro ɗan abin da zai ceci yankan. Ka faɗe shi sau ɗaya, ka nemi afuwa sau ɗaya, ka wuce. Yawan dukan ƙirji yana tilasta wa mutane su koma lallashinka maimakon su yi tambayoyinsu. Ambaton ƙaddara kuma ba laifi, mu duka mun yi imani da ita, sai dai ta zo bayan lissafi. In ta riga shi, sai a ji kamar rufe bakin masu tambaya ake so a yi.

Darussa su ne inda irin wannan bayani ya fi lalacewa. "Za mu ƙara himma" ko "za mu kyautata tsari" ba su gaya wa kowa abin da zai yi ba. Gwajin darasi shi ne, wani da bai san ka ba zai iya ɗauka ya yi aiki da shi baɗi? Misali, kuɗin yanka a ware su tun farko su zauna a riyal a Jidda, ba za a turo ba sai ganyen riɗi ya fara rawaya. Mai tarakta a ba shi kaɗan a gaba, sauran bayan aiki, da ranar da aka rubuta, da sunan na biyu da za a kira in kwana biyar sun wuce. Kada a karɓi filin da ba a gani da ido ba bayan ruwa mai ƙarfi. Duk wani sauyi a kasafi da ya kai wani adadi da za ku amince a kai, sai an kira Kawu. Huɗu ko biyar irin waɗannan sun wadatar, kuma kowanne ya zama yana da kaso a cikin giɓin da ka nuna.

Ranar zaman, tunda ka tura komai kwana uku kafin nan, kada ka yi dogon jawabi. Minti goma, sai ka ba su fili. Za a sami mai zafi, wataƙila har ya ce a fili ko a kaikaice an ci kuɗi. Kada ka yi rantsuwa da ɗaga murya, ka ce ga takardu, ga shaidu, ga wanda Kawu ya naɗa ya duba. Tambayar da ba ka da amsarta ka ce za ka bincika, ka faɗi ranar da za ka dawo da amsa, ka kuma cika. Abokin aikinka ya ga rubutun tun kafin nan. In bai yarda da wani abu ba ya faɗi nasa da bakinsa, amma kada ka sa hannu a kan bayanin da ka san an rage masa gaskiya don a zauna lafiya da shi.

Akwai tarkon da kunya kan jefa irinku a ciki, wato mutum ya ce a gaban jama'a "zan biya duka" alhali ba shi da hanyar riyal 43,000. Kada ka yi wannan alkawarin. Ka fara tantance matsayin kuɗin, don ina zargin su kansu masu bayarwar ba su ɗauke shi iri ɗaya ba: wani sadaka ya bayar ya manta, wani yana jiran uwar kuɗinsa ta dawo bayan an cire riba. A fiƙihun da muka tashi a kai, wanda aka damƙa wa dukiya ya juya amintacce ne, ba ya biyan asarar da ta faru ba da sakacinsa ba, amma yana iya ɗaukar nauyin abin da ya lalace saboda sakaci ko ƙetare sharaɗi. Ko biyan tarakta ba rubutu da karkatar da kuɗin yanka sun kai wannan matsayi, ba ni zan yanke ba, kai ma ba kai ba. Ku kai lissafin gaban malamin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi, ka ce tun yanzu za ka karɓi abin da ya yanke, a tsara maka biya gwargwadon ƙarfinka in ya ce akwai biya.

Riyal 17,000 da ke hannunka nasu ne, kada ka taɓa ko ka yanke shawara a kansu. Ka ajiye musu zaɓi a gabansu. Ana iya raba su gwargwadon abin da kowa ya zuba, wanda ya ba da 1,000 ya karɓi kimanin 283. Ana iya ba makarantar kai tsaye, in ka samo musu kuɗin kwano da katako na aji ɗaya ko biyu daga bakin kafinta don su san abin da kuɗin za su iya. Ana kuma iya sake gwadawa a tudu kaɗai, amma wannan kada ya fito daga bakinka a wannan zaman, kuma ga dalili. In aka raba abin da aka kashe a kan faddan 100, kowanne ya ci riyal 600, faddan 20 sun ci 12,000, kintar 50 ɗinsu kuma a farashin da ka sayar 9,500 ne. Mai yiwuwa ainihin kuɗin tudun bai kai haka ba, tunda asarar canji da ƙarin cire ciyawar gonar da aka makara duk suna cikin wannan 600, amma sai ka ware kuɗinsa shi kaɗai kafin ka san ko akwai riba a ciki. In wani ya tambaye ka batun baɗi, ka ce ka ba shi wannan lissafin nan da wata guda, bayan wanda Kawu ya naɗa ya gama dubawa, sannan su yanke ko za a sake, da kuma wanda za a damƙa wa.